Yadda Ake Taya Aboki Murnar Auren da Ba Za Ka Samu Halarta Ba

Rashin zuwa bikin aboki ba kasafai yake ɓata abota ba. Abin da ya fi ɓata ta shi ne yadda aka sanar da rashin zuwan: ko a makare, ko ta saƙon waya mai sanyi, ko a cika ango da ban haƙuri har ya koma shi ke lallashin wanda bai zo ba. Dabarar kuwa ba ta da yawa. Murna ce ke gaba kuma ita ke da kaso mafi girma, ban haƙuri yana zuwa sau ɗaya a taƙaice, sannan a cike gurbin da aka bari da wani abu da ido zai gani.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Abokinka na tun makaranta zai yi aure a Kano, ɗaurin aure ranar Asabar ƙarfe 11 na safe, kai amarya da daddare, walima ranar Lahadi. Kai kana aiki a Fatakwal, ka nemi hutu an hana ka, saura mako 3. Kuma sunanka yana cikin abokan da za su kawo mota ranar ɗauko amarya.

Mataki na farko: ka faɗa ranar da ka tabbatar

Da zarar ka san ba za ka je ba, ranar za ka faɗa, ko washegari. Mutane da yawa suna jan ƙafa saboda kunya, suna cewa bari dai a ga yadda hali zai yi, har a shiga makon biki. A makon biki kuwa ango ba ya cikin natsuwarsa: ga tela bai gama ɗinki ba, ga masu jere suna kira, ga baƙi sun fara sauka. Labarin da zai karɓa da "ba komai, Allah ya kai mu" saura mako 3, shi ne zai tsaya masa a rai idan ya zo saura kwana 2, domin a lokacin ya riga ya ƙirga motarka cikin motocin ɗauko amarya, kuma babu sauran lokacin neman wata.

Akwai wata kalma da ke jawo matsala a nan, wato "in sha Allahu zan yi ƙoƙari" daga bakin wanda ya san ba zai zo ba. Ango zai ɗauke ta a matsayin alkawari, ya ajiye maka kati, ya tanadar maka masauki. Idan da gaske akwai yiwuwar zuwa, ka sa wa maganar rana: "Zuwa Laraba mai zuwa zan san matsayata, zan kira ka in gaya maka." Ranar Larabar kuma ka kira, ko amsar ba mai daɗi ba ce.

Kada ya fara ji daga bakin wani. Idan kuna da zauren abokan ango a WhatsApp, ba can za ka fara rubutawa ba. Ango tukuna, sannan babban aboki, sannan zaure.

Mataki na biyu: kiran waya, da yadda ake jera maganar

Aboki na kusa da murya ake gaya masa. Rubutu ba ya ɗaukar nauyin wannan magana, domin ba a jin damuwa a cikinsa, kuma "ba zan samu zuwa ba" a rubuce tana kama da sallama. Ka zaɓi lokacin da ya natsu, kamar bayan sallar isha'i, ko da hantsi ranar da ba ya aiki. Idan ka kira sau biyu bai ɗauka ba, ka bar masa saƙon murya gajere cewa kana son magana da shi in ya samu sarari, kada ka zuba labarin a ciki.

In ya ɗauka, ga yadda maganar ke tafiya. Gaisuwa da tambayar shirye-shirye su fara: ya hidima, ya su Hajiya, an kai lefe? Ka bar shi ya yi magana, domin ango a wannan lokaci yana da abin faɗa. Sai murna da addu'a. Bayan nan ne kawai uzuri zai shigo, a jimla ɗaya ko biyu. Sai ban haƙuri sau ɗaya. Sai abin da ka tanada a madadin zuwanka. Sai ka koma kan murna ka rufe da ita, yadda abin da zai saura a kunnensa idan ya ajiye waya addu'a ce. A misalinmu zai iya zama haka:

"Ango, ango! Ka sha ƙamshi. To Allah ya sanya alheri, ya nuna mana ranar lafiya. Wallahi na yi maka murna, mutumina. Sai dai akwai maganar da ba ta yi min daɗi ba: na nemi hutu a wurin aiki an hana ni, ba zan samu zuwa ba. Ka yi haƙuri, na san ba haka ka so ba, ni ma ba haka na so ba. Maganar mota kada ta dame ka, na yi magana da ƙanena zai kawo tawa da mai a ciki, kuma shi zai tsaya min a wurin ɗaurin aure. Ƙarshen wata in Allah ya yarda zan shigo Kano, sai in zo in ga amarya. Allah ya sa abokiyar arziki ce."

Ka lura da girman kowane ɓangare. Uzuri da ban haƙuri ba su kai rabin maganar ba. Wannan awon shi ne zuciyar al'amarin, kuma ana kauce masa ta ɓangare biyu. Wani yakan yi ta maimaita "don Allah ka yafe min, wallahi na ji kunya, ban san da wane ido zan kalle ka ba", har ango ya shiga cewa "haba, ba komai, kada ka damu" sau biyar. Ka gane ka zarce idan ka ji shi ne ke ba ka haƙuri. Ka ɗora masa aikin da ba nasa ba a lokacin da aiki ya yi masa yawa. Wani kuma yakan wuce da sauri, "af, ni fa ba na nan ranar, Allah ya sanya alheri", kamar taron ƙungiya zai rasa. Alamar wannan ita ce ango ya amsa da "to shi ke nan" a gajarce ya sauya magana.

Zai iya nuna ɓacin rai, kuma yana da haƙƙi. In ya ce "haba, kai ma?", kada ka fara kare kanka da lissafin irin ƙoƙarin da ka yi, kada kuma ka tuna masa cewa shi ma bai zo sunan ɗanka ba. Ka ce "ka fi ni gaskiya", ka yi shiru ya gama. Yawanci a nan zafin ke sauka.

Batun dalili

Dalili ɗaya ake faɗa, na gaskiya. Idan ka jera uku, aiki da rashin lafiyar yaro da lalacewar mota, kowanne yana rage wa ɗan'uwansa ƙarfi, sai mai sauraro ya ji kamar ana tara hujja ne. Ƙarya kuwa a wannan zamani ba ta kwana: ka ce kana Fatakwal, wani ya gan ka a Zariya ranar Asabar, ko hotonka ya fito a wani bikin. Gyaran wannan ya fi gyaran rashin zuwan wuya nesa ba kusa ba.

Wasu dalilan suna da nauyin faɗa. Idan rashin kuɗin mota ne, aboki na ƙut da ƙut gara ka gaya masa kai tsaye, "hali ne bai yi ba a wannan watan", amma ka haɗa da cewa ba ka faɗa don ya turo maka ba, domin ango mai kara zai iya cire kuɗi daga hidimarsa ya aiko, ka ƙara masa nauyi. Idan ba ku kai haka kusanci ba, "wani uzuri ne ya taso min da ba zan iya ɗagawa ba" ta isa, kuma ba ƙarya ba ce. Idan rashin lafiya ce ko rasuwa a gidanku, ka faɗa a taƙaice ka karɓi addu'arsa, kada ka shimfiɗa bayanin asibiti. Idan kuma bikin wani ne ya haɗu da nasa rana ɗaya, ka faɗi gaskiya tare da abin da ya sa wancan ya rinjaya, misali ƙanwarka ce uwa ɗaya uba ɗaya. Kowa ya san wannan ba ta ɗaguwa. In dai abokai biyu ne masu matsayi ɗaya kuma gari ɗaya, raba ranar ya fi zaɓen ɗaya: ɗaurin auren wannan, walimar wancan.

Amsa gayyatar walima abu ne da addini ya ƙarfafa, kuma malamai sun yi bayanin cewa uzuri na gaskiya yana ɗauke wa mutum nauyin. Wannan ma dalili ne na kada a ƙirƙiri uzuri.

Mataki na uku: cike gurbin

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Tunda taka ƙafar ba za ta je ba, sai ka nemo wadda za ta je a madadinta. Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ke sa ban haƙurin ya yi nauyi.

Wakili shi ne na farko. Ka tura wanda ango ya sani kuma ya san alaƙarku: ƙane, yaya, ko abokin da kuka haɗa. Ka gaya masa wurin da lokacin daidai, kuma ya isa da wuri, domin ɗaurin aure ba ya daɗewa. Waliyyi da wakilin ango su yi siga, a ambaci sadaki, a shafa fatiha, cikin 'yan mintuna an watse. Wanda ya zo ƙarfe 11 da rabi sau da yawa goro da alawa kawai zai tarar. Aikin wakili bai ƙare da tsayuwa cikin taro ba. Sai ya kutsa ya kai ga ango, ya ba shi hannu ya ce "wane ne ya aiko ni, yana taya ka murna", sannan ya gai da mahaifin ango ko wanda ya tsaya a matsayinsa da sunanka. Wakilin da ya je ya dawo ba wanda ya san don kai ya je, daidai yake da ba a aika ba.

Sai aikin da aka ɗora maka. Idan mota ce, ta je da mai da direban da ya san gari, kuma ka haɗa shi da babban aboki tun kwana 3 kafin ranar. Idan an yanka wa abokai kuɗin dina ko na sayen baki, ka biya naka cikakke kuma da wuri. Rashin zuwa ba ya sauke wannan, domin an riga an raba lissafi da kai a ciki, in ka janye sauran ne za su cike. Haka anko: in an riga an yanko yadi da sunanka, ka biya ka karɓa ko ba za ka sa ranar ba. In ba a yanko ba tukuna, ka ce a cire ka, kuɗin ya koma gudummawa.

Gudummawar kanta ba ta da ƙayyadadden adadi, amma akwai ma'auni biyu da ke aiki. Na farko, abin da ya yi maka lokacin taka hidimar, domin biki ramawa ake yi. Sai dai kada ka rama da lamba, ka rama da daraja: in shekara 5 da suka wuce ya ba ka abin da ya sayi buhun shinkafa, yau ma ka duba abin da ke kusa da buhun shinkafa gwargwadon hali, domin kuɗin jiya ba shi ne na yau ba. Na biyu, kuɗin motar da ba ka kashe ba. Zuwa Kano da komawa Fatakwal ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ko rabinsa ka ɗora a kan abin da ka yi niyya, ango zai gane ba don tsimi ka zauna ba. Wanda ba shi da hali kuwa kada ya ci bashi don kunya. Ɗan abin da ya samu, da wuri, ya wadatar.

Da wuri ɗin nan yana da muhimmanci. Gudummawar da ta iso saura kwana 7 zuwa 10 tana shiga cikin hidima, ta biya tela ko ta sayi lemo. Wadda ta iso ranar biki takan ɓace cikin tarin saƙonnin banki, ango bai ma san ka turo ba. In ta banki za ka tura, ka karɓi lambar asusu daga bakin angon, ka duba sunan da ya fito kafin ka tura, ka rubuta sunanka a wurin bayani. Kada ka dogara da lambar da aka liƙa a zaure ko aka turo maka daga baƙuwar lamba, domin ana sace asusun WhatsApp na mutane a nemi kuɗi da sunansu. Bayan ka tura, saƙo ɗaya ya isa: "Ga ɗan abin goro nan, ba yawa." Kada ka sa hoton rasit a zaure, kuma kada ka haɗa kuɗin da ban haƙuri a jimla ɗaya, sai ya zama kamar tara ka biya.

Akwai kira ɗaya da ake mantawa: iyayen ango. Idan ka saba shiga gidan, ka ci tuwon Hajiya, to za ta lura ba ka nan, kuma za ta tambaya. Ka kira ta kafin ranar: "Hajiya, ina wuni, ya hidima? Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Aiki ne ya riƙe ni, amma ƙanena zai zo ya gaishe ku." Da manya ba a zolaya, ba a kuma tsawaitawa.

Mataki na huɗu: ranar kanta

Ranar ɗaurin aure babu ban haƙuri ko kaɗan. An riga an yi shi, an wuce wurin. Da safe ka tura saƙo gajere, ko saƙon murya da bai kai minti ɗaya ba. Bayan an shafa fatiha, wajen ƙarfe 12 a misalinmu, sai ka tura addu'ar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi wa wanda ya yi aure: "Barakallahu laka, wa baraka alaika, wa jama'a bainakuma fi khair." Ka bi ta da taka ta Hausa: "Alhamdu lillahi, an ɗaura. Allah ya ba da zaman lafiya, ya kaɗe fitina, ya kawo zuri'a ɗayyiba." Idan tsakaninku akwai wasa, "Allah ya kawo ƙazantar ɗaki" tana da wurinta.

Kada ka sa ran amsa. Wayar ango ranar nan sau da yawa tana hannun wani abokin, kuma saƙonni sun yi mata yawa. Kada ka yi ta kira, balle kiran bidiyo yana tsakiyar gaisawa da surukai. In kana son ganin wurin, wakilinka za ka kira, shi zai san lokacin da zai miƙa wa ango waya na rabin minti. Da daddare bayan an kai amarya kuwa ba a kiran ango, kowa ya san wannan. Wanda ke wata ƙasa ya lura da agogo: Saudiyya tana gaban Najeriya da awa 2, Sudan da awa 1, Ghana kuma tana baya da awa 1, Nijar da Najeriya lokacinsu ɗaya.

Sa hoton ango a status abu ne mai kyau, amma ƙari ne a kan kira, ba ya maye gurbinsa. Hoton amarya kuwa sai da izini, domin ba kowane ango ke so ba. Ka kuma kiyaye abin da kake sakawa ranar: wanda ya ce aiki ya riƙe shi, sai ga shi a wurin shaƙatawa, ya rushe duk abin da ya gina. In ƙarin aure ne abokin ya yi kuma kana mutunci da uwargida, ka yi murnarka tsakaninka da shi, ka bar zolayar "ango na biyu" a inda ba za ta gani ba.

Idan ke ce, kuma ƙawarki ce amarya

Tsarin ɗaya ne, amma bikin mata ya fi tsawo, kuma rashin ƙawa ya fi fitowa fili, domin akwai kamu, da sa lalle, da yinin biki, da rakiyar amarya, da buɗar kai. Don haka ki fara duba ko akwai ɗaya da za ki iya zuwa. Awa 2 a wurin sa lalle ta fi dogon saƙo. In babu ko ɗaya, ki kira ta da kanki, sannan ki kira babbar ƙawa, domin ita ke riƙe da lissafin anko da na kuɗin ƙawaye. Gudummawar mata sau da yawa kaya ce, kuma kaya suna da ranarsu: abin da za a sa a ɗaki, kamar kuloli ko zanen gado ko turaren wuta, dole ya isa gidansu kafin ranar jere. Ki tambayi yayarta abin da ya rage ba a saya ba, kada ki zama ta huɗu da ta kawo fulas. Idan jego ne ko tsohon ciki ko takaba, uzurin ya bayyana kansa, jimla ɗaya ta isa. Idan maigida ne bai amince da tafiyar ba, ki ce tafiyar ce ba ta yiwu ba. Kai ƙararsa wurin amaryar da ke shirin shiga nata gidan ba shi da amfani. Ki kira mahaifiyarta ki yi mata Allah sanya alheri, kuma ƙanwarki ko yayarki ta je yinin biki da sunanki.

Mataki na biyar: zuwa ganin amarya

Duk abin da ya gabata riƙon ƙwarya ne kafin ka je da ƙafarka. Alkawarin ziyarar da ka yi a kiran farko shi ne abin da ango zai riƙe, don haka ka sa masa lokacin da za ka iya cikawa. "Zan zo in na samu sarari" ba alkawari ba ne. Kwanakin farko, musamman makon farko, na ango da amarya ne da danginsu, ka bar musu. Daga mako na biyu zuwa cikar wata guda shi ne daidai. In aka wuce wata 3, an daina ce masa zuwan murna, ya zama ziyara kawai. Idan nisa ya sa ba za ka iya ba sai hutun salla, ka faɗi haka tun farko, kuma ka kira bayan kwana 3 ko 4 da biki ka ji yadda taro ya tashi: "Ya gajiyar biki? Baƙi sun koma lafiya?" Ka bar shi ya ba ka labari, har da wanda motarsa ta mutu a hanyar kai amarya.

Ranar zuwa ka sanar tukuna, kada ka faɗo musu. Bayan la'asar ya fi, ko bayan magariba in yana fita aiki. Kada ka je hannu rabbana ko da ka riga ka ba da gudummawa: kaza gasasshiya, ko kayan marmari, ko turare, da ɗan abin da za ka ajiye wa amarya na ganin ɗaki. In kana da mata, tafiya da ita ta fi, domin ita za ta shiga ciki, kuma daga nan zumuncin gidajen biyu ke farawa. Ka gai da amarya da mutunci, ka yi musu addu'a su biyu. A nan jimla ɗaya ta ban haƙuri tana da wuri, domin ita ba ta ji na farkon ba: "Amarya, a yi min afuwa, aiki ne ya hana ni zuwa." In ango ya ce sai ka biya tara, ka biya da dariya. Minti 30 zuwa awa 1 ya isa zaman. Daga nan ka roƙe shi ya raka ka gidan su Hajiya ka gaishe su kafin ka bar gari.